Nasiha Ga Mai Rubuta Kundi: Kada Ka Yi Wa Takarda Shaidar Zur

Ɗana, da ke 'yata, ku da kuke shekarar ƙarshe a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, da 'yan'uwanku na Shinkafi da Zurmi da suka tafi karatu Gusau ko Sakkwato ko Zariya, ina son mu yi magana a kan shafukan ƙarshe na kundinku, inda ake jera manazarta. Na san wurin nan ne kuka fi rainawa. Akan bar shi sai daren da za a kai aiki ɗauri, ido ya yi nauyi, mai shagon buga takardu yana ƙorafin man janareta. A irin wannan dare ne ɗalibi mai gaskiya, wanda bai taɓa satar amsa a jarrabawa ba, yake rubuta ƙarya da hannunsa bai ma lura ba. Ya ɗauko bayani daga intanet, ya duba bai ga sunan marubuci ba, bai ga shekara ba, sai ya ji kunyar barin gurbi, ya cike shi da abin da ya zo masa a rai.

Abin da nake so ku riƙe tun farko shi ne, kowane layi a jerin manazarta shaida ce kuke bayarwa. Kuna gaya wa mai karatu cewa wane ne ya faɗi wannan magana, a shekara kaza ya faɗe ta, sunan rubutun kaza, kuma ga inda zai je ya same shi. Abubuwa huɗu ke nan: marubuci, lokaci, take, da wuri. Tsarin APA, wanda sassan karatu da yawa a manyan makarantunmu suke bi, a kan waɗannan huɗun ya ginu, kuma bugunsa na bakwai da ya fito a ƙarshen 2019 ya fayyace abin da za a yi idan ɗaya daga ciki ya ɓace. Babu inda ya ce a ƙirƙiro. Shaidan da bai ga fuskar mutum ba, cewa yake bai gani ba, kuma shaidarsa tana nan da darajarta.

Wannan ba baƙon ilmi ba ne a ƙasarmu. Duk wanda ya zauna a zauren malami ya ji yadda masu ilmin hadisi suke bin isnadi mutum bayan mutum, har suka ware suna na musamman ga mai ruwayar da ba a san ko wane ne ba, da kuma ruwayar da igiyarta ta yanke a tsakiya. Ba su taɓa cusa sunan wani a gurbin don ruwaya ta yi kyau ba. Haka ma magabatanmu masu kwafar littafi da alƙalami da tawada: da yawansu in sun kai ƙarshe sukan rubuta sunan mai littafin, da sunan wanda ya kwafa, wani lokaci har da ranar da aka gama. Sun san cewa ranar da aka wallafa daban, ranar da aka kwafa daban. Ga kuma tsohon littafin nan na tarihin sarakunan Kano, wanda wani Bature mai suna Palmer ya fassara da Turanci ya buga a 1908. Bai zo da sunan marubuci ba, masana sun daɗe suna muhawara a kan wanda ya tsara shi da lokacin da aka tsara shi, amma da takensa ake ambatonsa, kuma hakan bai rage masa komai ba.

To, bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe, don nasihar da ba ta da misali iska ce.

A ce, ɗana, kana rubuta kundi a kan ruwan sha a garin Ƙaura. A babi na farko dole ka faɗi yawan jama'a. Ka buɗe wayarka ka nema, sai ka ci karo da wani shafi da ya ce ƙaramar hukumar Ƙaura Namoda tana da mutum 281,367. Ba sunan marubuci a sama, ba kwanan wata a ƙasa, sai dai wata 'yar alamar haƙƙin mallaka can a gindin shafin tare da shekarar bana. Abin da ɗalibai da yawa suke yi a nan shi ne su ɗauki adadin, su liƙa masa shekarar da suka gani a gindin, su rubuta cewa a bana mutanen Ƙaura 281,367 ne. Wannan jimla ƙarya ce, ko da yake kowane harafi nata daga shafin aka kwaso shi. Adadin na ƙidayar watan Maris ne na 2006. Ba a sake ƙidaya ba a shekarun da suka biyo baya, wadda aka shirya yi a 2023 ma ɗage ta aka yi. Yaron da aka haifa a makon ƙidayar nan yanzu ya isa zama ajinku, shi ma yana rubuta nasa kundin.

Ku lura cewa lokuta uku ne suka cakuɗe a nan, kuma rarrabe su shi ne rabin aikin. Akwai lokacin da abin ya faru, wato 2006, sa'ad da aka ƙirga mutane. Akwai lokacin da aka rubuta shafin, wanda ba a faɗa mana ba. Sannan akwai ranar da kai ka buɗe shi ka karanta. Ranar da ka auno gero a kasuwar Shinkafi ba ita ce ranar da aka girbe shi ba. Yana iya zama na bana, yana iya zama ya shekara uku a rumbu, kuma mai awo bai gaya maka ba. Ranar da ka ciro bayani tana ba da shaidar abu ɗaya tak: cewa a wannan rana, ga abin da ke rubuce a wurin. Ba ta ce komai a kan shekarun maganar ba.

Ita kuwa shekarar da ke gindin shafi kusa da alamar haƙƙin mallaka, ku yi hattara da ita ƙwarai. A wurare da yawa na'ura ce take sauya ta da kanta duk ranar ɗaya ga Janairu, ta hau kan kowane rubutu da ke wannan gidan na intanet, sabo da tsoho. Shi ya sa APA ya hana a ɗauke ta a matsayin shekarar rubutu. Abin da aka yarda da shi shi ne kwanan watan da ke manne da rubutun kansa, a ƙarƙashin take ko a ƙarshen bayanin, ko wanda aka sa wa `Last updated` idan ya tabbata wannan rubutun ake nufi da sabuntawar. Idan kuma `Last reviewed` ka gani, wannan yana nufin wani ya duba ne kawai, ba lallai ya sauya komai ba, don haka ba a ɗaukarsa.

Idan ka bincika duk waɗannan wurare ba ka samu ba, sai ka faɗi gaskiya. A gurbin shekara ka rubuta `(n.d.)`, wato ba kwanan wata. Mai rubuta kundinsa da Hausa yana iya sa "ba shekara" a cikin baka, gwargwadon yadda sashensa ya tsara. Na ga ɗalibai suna gudun waɗannan haruffa biyu kamar abin kunya, suna tsoron malami zai ce ba su yi ƙoƙari ba. Wallahi malamin da ya san aikinsa ya fi girmama `(n.d.)` guda ɗaya ta gaskiya a kan shekaru goma na ƙage, domin ita tana gargaɗin mai karatu ya taka a hankali, su kuwa suna sa shi ya saki jiki a inda bai kamata ba.

Saura marubuci. A nan ma kada ka yi saurin cewa babu. Sau da yawa ba sunan mutum, amma akwai hukuma ko ƙungiya ko makarantar da ta ɗauki nauyin maganar, kuma ita ce marubuciyar. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce, in maganar nan ta zama kuskure, ƙofar wa za a ƙwanƙwasa? Duba saman shafin, duba inda aka rubuta `About us`, duba adireshin kansa. Wanda ya ƙare da `.gov.ng` na hukumar gwamnati ne, wanda ya ƙare da `.edu.ng` na makaranta ne. Idan bayanin tarihin kwalejinku ka ɗauko daga gidanta na intanet, cewa an kafa ta a 1983, to kwalejin ce marubuciya ko da ba a sa sunan ma'aikacin da ya buga ba. Ga yadda layin zai kasance:

```
Federal Polytechnic Kaura Namoda. (n.d.). Taken rubutun. https://...
```

Taken ana sa shi da karkatattun haruffa, kuma ana kwafo shi yadda yake, ba a gyara shi. Da yake sunan marubuciya da sunan gidan ɗaya ne, ba a maimaita shi bayan take. In ka ɗauko rubutu biyu daga hukuma ɗaya, dukansu ba shekara, sai ka bambanta su da `n.d.-a` da `n.d.-b`, ka jera su bisa harafin farko na takensu, kuma marasa shekara su ne suke gabatar masu shekara a jerin marubuci guda.

Sai idan ka rasa mutum ka rasa hukuma, sannan take ya matso gaba ya zauna a mazaunin marubuci:

```
Taken rubutun. (n.d.). Sunan gidan. https://...
```

A cikin babi kuwa, inda ka saba sa sunan marubuci da shekara a baka, sai ka sa kalmomin farko na taken tare da `n.d.`, domin mai karatu ya iya bin su ya tarar da layin a jerin ƙarshe. Kada ka rubuta `Anonymous` sai in rubutun da kansa haka aka sa masa hannu. Kada kuma ka rubuta `Google` a matsayin marubuci ko madogara. Injin nema hanya ce da ta kai ka wurin, ba shi ya yi maganar ba. Haka `Admin` da ake gani a ƙarƙashin wasu rubuce-rubuce: sunan kujerar wanda ya ɗora ne, ba sunan kowa ba. Kuma kada ka yi abin da ya fi duka muni, wanda na sha gani a kundaye daga makarantu daban-daban, wato a ɗauko sunan wani shehin malami da aka ji ana ambata a liƙa wa maganar da bai taɓa yi ba, don ta yi nauyi. Wannan ƙazafi ne, ko da ba da mugun nufi aka yi ba.

Yanzu mu koma kan adadin nan na mutanen Ƙaura, domin akwai abin da ya fi iya tsara layi muhimmanci. Ka iya rubuta layinka daidai, take a gaba, `(n.d.)` a baka, adireshi cikakke, amma duk da haka ka yi sakaci. Shafin da ba shi da marubuci ba shi ne ya ƙirga mutane ba. Daga wani wuri ya kwaso, wanda shi ma ya kwaso daga wani. Mai ƙidaya ita ce Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, kuma sakamakon ƙidayar 2006 sau biyu ya fito. Na wucin gadi, wanda aka sanar a farkon 2007, ya ce 'yan Nijeriya 140,003,542 ne, jihar Zamfara kuma 3,259,846. Na ƙarshe, wanda aka buga a gazet ɗin Gwamnatin Tarayya a watan Fabrairun 2009, ya ce 140,431,790, Zamfara kuma 3,278,873. Tsakanin adadin Zamfara na farko da na biyu akwai mutum 19,027, kuma wannan bambanci ya rarrabu a kan ƙananan hukumomin jihar. Shi ya sa za ka ga wani shafi ya ba Ƙaura ko Zurmi ko Shinkafi wani adadi, wani shafin ya ba su wani, dukansu suna cewa na 2006 ne. Shafin da ba shi da kwanan wata ba zai gaya maka wanne ya ɗauka ba. Wanda ya rubuta shi ma wataƙila bai san guda biyu ba ne.

Saboda haka maganin shafi marar marubuci, a mafi yawan lokuta, shi ne ka yi amfani da shi a matsayin ɗan jagora, ka bi sawunsa har ka kai ga mai maganar na asali, sannan ka ambaci na asalin. Je ka ɗakin karatu ka tambayi ma'aikaci littattafan ƙidaya, ko ka nemi takardun Hukumar Ƙidaya da na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. In ka samu, matsalarka ta marubuci da shekara ta kau gaba ɗaya, domin yanzu kana da hukuma, kana da shekarar bugu, kana da lambar shafi. A cikin babi kuma sai ka rubuta jimlar da ba wanda zai kama ka a kanta: cewa bisa ƙidayar 2006 mutanen ƙaramar hukumar sun kai kaza. In kana son adadin yau, to ka nemi hasashen da wata hukuma ta yi, ka kira shi hasashe, ka faɗi wanda ya yi shi. A ra'ayina, in marasa marubuci da marasa shekara suka yi yawa a jerin manazartar ɗalibi, ba ƙa'idar rubutu ce ta gagare shi ba, bincike ne bai yi nisa ba.

Akwai wata dabara da nake so ku koya, wadda masana tarihi suke yi da tsofaffin takardu, kuma tana aiki a nan. Rubutun da bai faɗi shekararsa ba yakan tona kansa daga ciki. Idan ka ga an ce Ƙaura Namoda tana cikin jihar Sakkwato, ka san asalin maganar ya girmi ranar 1 ga Oktoba 1996 da aka ƙirƙiro jihar Zamfara, ko da jiya aka ɗora ta. Idan ya kira marigayi Alhaji Muhammad Ahmad Asha da Sarkin Kiyawan Ƙaura mai ci, to an rubuta shi kafin rasuwarsa a 2020, lokacin da ɗansa Sanusi ya gaje shi. Idan ya ce Dauda Lawal ne gwamna, bai girmi 29 ga Mayun 2023 ba. Idan yana ba da labarin jirgin ƙasa yana shigowa Ƙaura yana kwasar gyaɗa da auduga kamar abin da ke gudana yanzu, ka san daga tsohon littafi aka kwafo, na zamanin da layin dogon da ya iso garin a 1929 yake cikin ganiyarsa. Wannan bincike yana gaya maka ko za ka dogara da rubutun ko a'a. Amma fa ka ji da kyau: bai ba ka izinin sa shekara a cikin baka ba. A layin manazarta `(n.d.)` ɗin tana nan. Abin da ka gano sai ka faɗe shi a cikin babi da bakinka, ka ce rubutun bai ɗauke da kwanan wata, amma alamu sun nuna an yi shi kafin shekara kaza, ga dalili. Jimla irin wannan guda ɗaya takan nuna wa masu jarraba ka cewa da idonka a buɗe ka yi karatu.

Yaushe ke nan ake sa ranar da aka ciro bayani? A nan tsare-tsaren sun sha bamban, kuma dole ka tambayi malamin da ke duba aikinka wanne sashenku yake bi, da kuma wane bugu. Masu bin tsarin Harvard sukan sa ranar a kowane abu da aka ɗauko daga intanet. Tsarin MLA da na Chicago suna son ta musamman a inda babu ranar wallafa. Bugun APA na bakwai ya taƙaita ta ga irin shafin da aka gina shi don ya riƙa sauyawa, wanda kuma ba a adana tsofaffin kamanninsa: taswira, ko jadawalin farashi da ake sabuntawa, ko agogon ƙiyasin yawan jama'a da ke motsi kullum. Ga siffarsa:

```
Sunan hukuma. (n.d.). Taken rubutun. Retrieved May 5, 2024, from https://...
```

Ranar da ke ciki ta misali ce, kai taka za ka sa. Dubi yadda abubuwa biyun suka zauna a layi ɗaya ba tare da sun ci karo ba. `(n.d.)` tana cewa ba a san ranar da aka rubuta ba, `Retrieved` kuma tana cewa ga ranar da na gani. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ciro shekarar `Retrieved` a kai ta cikin baka, sai layin ya koma yana iƙirarin cewa a shekarar aka wallafa. Daga nan kuma ta bi ka cikin babi, inda za ka rubuta sunan hukuma da shekarar bana, alhali maganar ta shekara goma. A cikin babi ma `n.d.` ce take bin sunan, ba ranar ciro ba. Mai rubutu da Hausa yakan ce "an ciro ranar kaza daga", kuma hukuncin ɗaya ne.

Sannan ranar ta zama ta gaskiya. Ba ranar da aka buga kundi ba, ba ranar da ka tuna ba, ranar da idonka ya sauka a kan rubutun. Idan malami ya ga madogara ashirin duk an ciro su rana ɗaya, ranar kuma ta zo daidai da jajibirin miƙa aiki, ya san abin da ya faru.

Wikipedia tana da nata hukuncin, kuma zan faɗe shi don na san kuna shiga, ko an hana ko ba a hana ba. Ba ta da marubuci guda, amma tana da kwanan wata, domin kowane gyara da aka yi mata ana adana shi da ranarsa da sa'arsa. In ka danna `View history` za ka ga jerin, in ka danna `Permanent link` za ta ba ka adireshin wannan kamannin da kake karantawa, mai ɗauke da `oldid` da lamba a ƙarshe, wanda ba zai sauya ba ko an gyara rubutun gobe. Don haka take ne a gaba, ranar wannan gyaran a baka, sai adireshin dindindin, ba a bukatar ranar ciro. Amma in malaminka ya ce ba ya karɓarta, yana da hujja, kuma abin da ya fi maka shi ne ka gangara ƙasan rubutun ka ga inda su ma suka samo, ka bi can.

Saƙon da aka turo maka a WhatsApp kuwa, irin wanda ake cewa "kamar yadda aka turo", wanda ke ba da adadin mutanen da aka kashe ko aka sace a wani ƙauyen Zurmi ko Shinkafi, ina roƙonku da girman Allah ku yi taka-tsantsan da shi. Ba shi da marubuci, ba shi da rana, ba shi da wurin da wani zai je ya tabbatar, wato ya rasa uku cikin huɗun nan. Abin da mai karatu ba zai iya zuwa ya gani ba, ba ya shiga jerin manazarta. In wani takamaiman mutum ne ya gaya maka abin da ya gani, ana ambatonsa a cikin babi kawai a matsayin tattaunawa, da ranar da kuka yi ta, bayan ka nemi izininsa, kuma a halin da yankinmu yake ciki ka yi shawara da malaminka a kan sakaya sunansa. Mutanen da ake ƙirgawa a irin waɗannan saƙonni 'yan'uwanmu ne, suna da iyaye da 'ya'ya. Kundin da kuka rubuta yau zai zauna a kan kanta, wani ya zo bayan shekara ashirin ya ɗauki adadin a matsayin tarihi. Haƙƙinsu ne a kanku kada ku ƙara ko ku rage.

Abu na ƙarshe shi ne adanawa, kuma mu mutanen arewacin Zamfara mun fi kowa sanin dalilinsa. A watan Satumban 2021 an rufe layukan waya a faɗin jihar saboda matsalar tsaro, aka yi makonni, a wasu ƙananan hukumomi har watanni, ba kira ba intanet. Wanda ya ce zai koma ya duba daga baya, bai samu komawa ba. Ko da layi yana nan, shafukan kansu mutuwa suke yi: wani bincike da cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a 2024 ya gano cewa kashi 38 cikin ɗari na shafukan da ke raye a 2013 ba a iya buɗe su bayan shekara goma. Don haka ka ware littafi guda na rubutu. Duk lokacin da ka ɗauki magana, nan take ka rubuta take, da sunan mai gidan, da adireshi cikakke, da ranar da ka gani, ko tsarinku yana bukatar ranar ko ba ya bukata. Ka ɗauki hoton fuskar wayar, ko ka adana shafin a matsayin PDF. In da hali, shiga `web.archive.org`, ka liƙa adireshin a inda aka rubuta `Save Page Now`. Zai ajiye kwafi kyauta, ya ba ka sabon adireshi mai jerin lambobi goma sha huɗu, shekara da wata da rana da sa'a da minti da daƙiƙa. A wurin nan kuma kana iya ganin tsofaffin kwafi na shafin da kake tuhuma, in an taɓa adana shi. In ka tarar da maganar tana nan kalma da kalma tun 2012, ka san aƙalla shekarunta sun kai haka.

Ɗana, 'yata, kafin ku kai aikin nan ɗauri, ku zauna da rana tsaka, ba da dare ba, ku bi jerin manazartarku layi-layi. Kowane suna da ke gaba, ku tambayi kanku ko da idonku kuka gan shi a kan rubutun. Kowace shekara da ke cikin baka, ku tambayi kanku daga ina kuka samo ta. Wadda kuka kasa amsawa, ku koma ku duba, in ba ta nan ku goge ta ku sa `(n.d.)`, in kuma maganar mai nauyi ce ku tashi ku nemo mai ita na asali. Allah ya ba ku sa'a, ya sa albarka a karatunku.